Matse Gefe Ba Ya Maganin Koren Gashi

Akwai wata magana da ta zauna daram a ɗakunan tace finafinai, daga na titin Gidan Zu a Kano har zuwa ƙananan shagunan da ake haɗa bidiyon waƙa da tallar kaya. Wai idan ka cire koren kyallen da ke bayan mutum, sannan ka ga kore ya rage a gefen gashinsa, to cirewar ce ba ta kai ba. Maganin, in ji masu wannan ra'ayi, shi ne a ƙara ƙarfi. Mai aiki da Premiere Pro ya ja Tolerance da Choke a cikin Ultra Key, mai After Effects ya ɗaga Clip Black ya sauke Clip White a Keylight, a yi ta matsewa har kore ya ɓace. Ka tsaya a bayan yaron da ke koyon aiki, za ka ji ogansa yana cewa, “Ƙara matse shi, har yanzu ina hango kore a kansa.” Yaro ya ce, “To Oga,” ya ja. Kore kuwa ya tafi.

Waɗanda ke koyar da haka ba sakarkaru ba ne, da yawansu ma sun riga mu zama a gaban kwamfuta, kuma abin da idonsu ya gani suke faɗa. An matse, kore ya ɓace. Akwai ma inda hanyar ta wadatar. Mai karanta labarai da ya sa hula ya yi aski tas, ko kwalbar turare da ake talla, gefensu a yanke yake, idan aka rage masa rabin ɗigo ko ɗigo ɗaya babu wanda zai yi asara. Saɓanina da su a kan gashi ne, da duk abin da ya yi kama da gashi wajen barin haske ya ratsa: suma, gemu, saje, bakin mayafi mai shara-shara, leshi. A nan matsewa ba ta cire kore daga jikin gashi, gashin take cirewa gaba ɗaya da koren. Shi ya sa ake ganin mawaƙi mai tulin suma ya fito a bidiyo kansa sumul kamar ya kifa hular kwano, kuma mai kallo, ko bai san komai a kan tacewa ba, nan take yake gane cewa manna shi aka yi.

Abin da ke ɓoye a nan shi ne koren da ake gani a kan gashi iri biyu ne, asalinsu daban, kuma babu ɗayansu da yake nufin an bar guntun kyalle a baya.

Na farko yana fitowa ne daga ƙanƙantar silin gashi. Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo yana ɗauke da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255 a bidiyon da yawancinmu ke aiki da shi. Idan aka ɗauki mutum daga ƙirji zuwa kai, silin gashinsa bai kai faɗin ɗigo ɗaya ba. Saboda haka ɗigon da ya faɗa a bakin suma ba gashi ba ne zalla, ba kyalle ba ne zalla, gauraye ne. Bari mu sa lamba. A ce baƙin gashin mawaƙinmu yana da ja 30, kore 20, shuɗi 15, kyallen kuma yana da ja 40, kore 180, shuɗi 60. A ce sili ya rufe kashi 40 cikin 100 na wani ɗigo, sauran kashi 60 kyalle ne ke leƙowa. Kyamara za ta rubuta ja 36, kore 116, shuɗi 42. Ido zai ce wannan ɗigo kore ne, kuma bai yi ƙarya ba. Amma a cikinsa akwai gashi, kuma dubban irinsa ne suka taru suka ba sumar laushinta.

Manhajar cire kore mai kyau ta san yadda za ta warware wannan gaurayen. Tana duba yawan abin da kore ya ɗara sauran launukan biyu. A jikin kyalle, 180 ya ɗara 60 da 120. A ɗigon namu, 116 ya ɗara 42 da 74. Idan aka raba 74 da 120 za a samu kusan kashi 60 cikin 100, wato manhaja ta gano da kanta cewa kusan kashi 60 na ɗigon baya ne, kashi 40 mutum ne. Wannan adadi na rabon mutum shi ake kira alfa, kuma idan ka buɗe Screen Matte ko Alpha Channel shi kake gani: fari inda mutum ne, baƙi inda baya ne, toka-toka inda suka gaurayu. Daga nan sai ta ɗebe rabon kyalle daga cikin ɗigon, wato ja 24, kore 108, shuɗi 36, abin da ya saura shi ne 12, 8 da 6, rabon gashi cif. A ce sabon bayan da za a saka katangar jar ƙasa ce mai 200, 150 da 100. Kashi 60 nata shi ne 120, 90 da 60. A haɗa da rabon gashi a samu 132, 98 da 66. Babu kore ko kaɗan, katanga tana leƙowa ta tsakanin sili kamar da gaske a gabanta aka tsaya. Na sauƙaƙa lissafin, kowace manhaja tana da nata ƙarin, amma ginshiƙin ke nan, kuma tsohon ilimi ne. Injiniya Petro Vlahos na Amurka ya shafe shekaru yana gina shi a kan shuɗin bango kafin ya kafa kamfanin Ultimatte a 1976, kuma abin da ya sa aikinsa ya yi fice shi ne iya riƙe gashi da hayaƙi da gilashi.

Yanzu dubi abin da matsewa take yi wa wannan ɗigo. Ɗaga Clip Black umarni ne ga manhaja cewa duk toka-tokan da bai kai kaza ba ta mayar da shi baƙi. Idan aka kai shi 45, ɗigonmu mai 40 ya zama sifili, gashin ya tafi. Sauke Clip White kuma umarni ne cewa duk toka-tokan da ya wuce kaza ta mayar da shi fari. A nan ɗigon da yake rabi mutum rabi baya zai zama mutum zalla, sabon baya ba zai ƙara ratsa shi ba, sai ya tsaya da korensa, ko kuma idan an rage masa koren ya zama zare mai duhu da ya kewaye kai. Mai tacewa ya ga wannan zaren, ya ce ashe cirewar ba ta kai ba, ya ƙara Choke. Da hannunsa ya samar da gefen da yake yaƙi da shi.

To me ke kai mutum ga sauke Clip White tun farko? Amsar tana cikin kore iri na biyu, wanda shi ne ainihin nason kore. Kyallen da aka haska da fitila shi kansa ya zama fitila, babba kuma, mai faɗin mita uku ko huɗu, tana watsa koren haske a kan keyar mutum da kafaɗunsa da gefen kumatunsa. Wannan haske da gaske ya sauka a jikinsa, kyamara ba ta yi kuskure ba. Kuma yana kama wasu wurare fiye da wasu: furfura da farar shadda suna shan sa sosai, haka duk abin da ke sheƙi. Mu kuwa mutane ne masu shafa mai. Sumar da ta sha mai da goshin da ya yi gumi a ƙarƙashin fitilu suna mayar da hoton kyallen kusan kai tsaye, kuma da yake ƙasan baƙi ne, babu wani launi da zai danne koren. Gashin nan mai 30, 20 da 15, a inda yake sheƙi yana iya zama 35, 70 da 30. Wurin a tsakiyar suma yake, babu kyalle a bayansa da ke leƙowa. Amma manhaja ba ta san kai ba, lamba ta sani. Ta ga kore ya ɗara da 35, ta raba da 120, ta yanke cewa kusan kashi 30 na wurin baya ne. Sai ka ga katanga tana leƙowa ta tsakiyar kan mutum. Don toshe wannan ramin ne mai tacewa yake sauke Clip White zuwa 65 ko 60, ramin ya toshe, gefen gashi ya biya kuɗin.

Matsalar ke nan da maɓalli guda: ana so ya yi aiki uku da suka saba wa juna. Ana so ya bar gefe da laushi, ya cika tsakiya tam, ya kuma gyara launi. Masu wannan sana'a a manyan kamfanoni sun daɗe da raba su, kuma babu abin da ya hana mai ƙaramar kwamfuta a Fagge ko Damagaram ya yi haka.

Ga yadda zan bi da wannan mawaƙi a After Effects, inda Keylight yake zuwa tare da manhajar. Kafin komai zan zana abin rufewa na hannu, sako-sako, ya kewaye shi da tazara, don sandar fitila da bakin kyalle da kusurwoyin da haske bai kai ba su fita ba tare da Keylight ya sha wahalarsu ba. Wannan ƙaramin aiki yana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin sau da yawa duhun kusurwa ne ke tilasta wa mutum ɗaga Clip Black, alhali kusurwar ba ta kusa da gashi. Sannan in ɗauki Screen Colour daga koren da ke dab da suma, ba daga inda ya fi kyau a ido ba. In juya View zuwa Status, wanda ke zuzuta duk wani toka-toka don a gan shi. In ɗaga Clip Black a hankali har hatsi-hatsin da ke kan kyalle ya kwanta, in tsaya nan, galibi bai wuce 10 ko 15 ba idan an haska kyallen daidai. Clip White kuma in bar shi can sama, wajen 90. A wannan mataki za a ga ramuka a tsakiyar suma da goshi. In ƙyale su. Wannan shimfiɗar ta gefe ce kawai.

Sai in kwafi shimfiɗar in yi ta biyu, wadda aikinta tsakiya ne. A nan ne shawarar oga take da amfani, a matse yadda ake so. Clip White ya sauka zuwa 60, ramuka su toshe, sannan Screen Shrink/Grow ya koma -4 ko -5 don wannan shimfiɗa ta janye daga bakin gashi gaba ɗaya, a ba ta Screen Softness na 2 ko 3 don kada a ga inda ta tsaya. Idan aka haɗa alfar biyun, tsakiya ta cika daga ta biyu, gefe ya zo daga ta farko da silinsa. In mutumin ba ya motsi da yawa, ko wannan ma ba a bukata: a zana abin rufewa a cikin kansa da jikinsa a ba Keylight ta Inside Mask. Mai DaVinci Resolve zai tarar Delta Keyer yana da mashiga ta musamman don wannan, Solid Matte, da wata don shara, Garbage Matte.

Har yanzu ba mu taɓa launi ba, kuma da gangan ne. Ramukan da muka toshe sun cika, amma da kore suka cika. Gyaran naso aiki ne na uku, wanda ba ruwansa da alfa. Dokarsa gajeriya ce, a sa wa kore iyaka a kowane ɗigo gwargwadon ja da shuɗin da ke tare da shi. Iyakoki biyu aka fi amfani da su:

```
g = min(g, (r + b) / 2)
g = min(g, max(r, b))
```

Ta farko tana cewa kada kore ya wuce matsakaicin ja da shuɗi. Ta biyu tana cewa kada ya wuce wanda ya fi girma a cikinsu. Ko da ba ka taɓa rubuta irin wannan da hannunka ba, wani abu mai kama da shi ne ke gudana a ƙarƙashin Spill Suppression na Ultra Key da Advanced Spill Suppressor na After Effects, kuma sanin bambancin biyun shi ke bayyana abubuwan mamakin da kan faru.

Ɗauki kuncin mawaƙin. Fatarsa a ce 90, 60 da 45 ce, naso ya mayar da ita 92, 85 da 50, wani irin launi mara lafiya. Doka ta farko za ta sauke 85 zuwa 71, fata ta dawo kusa da yadda take. Doka ta biyu ba za ta yi komai ba, domin 85 bai kai 92 ba, kuncin zai zauna da nasonsa. Ka ce to ta farko ce daidai. Amma mawaƙin ya sa riga ruwan ɗorawa, kuma ruwan ɗorawa a wajen kwamfuta ja ne da kore masu yawa da shuɗi kaɗan, misali 230, 200 da 40. Doka ta farko za ta ga 200 ya wuce matsakaicin 230 da 40, wato 135, ta sauke shi. Riga ta koma ruwan lemo. Haka take yi wa aikin zare mai ruwan zinariya a wuyan babbar riga, da sarƙar gwal, da atamfa mai ganye-ganye. Furodusa ya shigo ya ce, “Malam, wannan ba kayan da muka ɗinka ba ne,” kuma gaskiyarsa. Babu saiti ɗaya da zai gamsar da kunci da riga a lokaci guda. Abin yi shi ne a raba mutumin da abin rufewa mai laushin baki, mai ƙarfin ya hau kai da wuya da kafaɗa, riga a bar ta da mai sauƙin, ko a bar ta ba a taɓa ba in ba ta sha naso ba. A Advanced Spill Suppressor, idan Standard ya ɓata launin kaya, a koma Ultra a rage Tolerance da Spill Range har riga ta dawo.

Akwai wani abu kuma da ake yawan mantawa. Kore shi ne ya ɗauki mafi yawan hasken da ido ke ji, kusan kashi 72 cikin 100 a ma'aunin Rec. 709 da ake yin bidiyon zamani da shi. Don haka duk inda ka rage kore ka rage haske. Sheƙin sumar nan mai 35, 70 da 30, idan aka sauke korensa zuwa 33, an zubar da 37, wurin ya dushe ya koma fili baƙi mara rai. Idan sabon bayan dare ne, babu laifi. Idan rana ce tsaka a gaban katanga mai haske, sumar za ta yi nauyi, gefenta ya yi duhu fiye da yadda hasken wurin zai yarda. Gyaran shi ne a mayar da hasken da aka ɗebe, amma da wani launi. Mafi sauƙi a mayar da shi toka-toka, abin da maɓallin Luma na Ultra Key yake ƙoƙarin yi ke nan. Mafi kyau a mayar da shi da launin sabon bayan, domin da a gaban jar katangar aka tsaya da gaske, jan haskenta ne zai sauka a inda koren ya sauka. A Keylight, Replace Method a kan Soft Colour tare da Replace Colour da aka ɗauko daga katangar yana yin wani ɓangare na wannan a wuraren da aka toshe. Ni a ganina nason da aka auna da kyau taswira ce kyauta, ya nuna maka daidai inda hasken baya yake taɓa mutum, kuma asara ce a share shi a bar wurin fanko.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri a rage naso ba wuya. Fata tana komawa ruwan hoda ko shunayya, musamman a gefen fuska, furfura ta yi ja-ja, farin ido ya sauya. Idan ka ga haka, ka ja baya.

Wani zai ce duk wannan lissafi na masu manyan kyamarori ne, mu da waya da ƙananan kyamarori muke ɗauka, gefen gashin tun daga kati a lalace yake zuwa. Wannan ƙorafi yana da tushe. Yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suna ajiye launi a tsarin 4:2:0, wato ɗigo huɗu suna raba bayanin launi guda. Bidiyo mai 1920 da 1080, launinsa a zahiri 960 da 540 ne, kuma da launi ake cire kore. Shi ya sa gefen alfa yake fitowa da tsani-tsani, kore kuma yake tsallakawa ɗigo ɗaya ko biyu zuwa cikin baƙin gashi. Wayoyi suna ƙara nasu, suna kaifafa hoto da kansu, abin da ke barin siririn zare mai haske a bakin duk abu mai duhu. Idan kuma an turo fayil ɗin ta WhatsApp a matsayin bidiyo maimakon Document, an sake matse shi, sili ya narke ya zama tabo. Na yarda cewa a irin wannan ba za a ceto kowane sili ba, kuma rage gefe da rabin ɗigo ko ɗaya yana iya zama dole. Amma rabin ɗigo daban, biyar daban. Kafin a kai ga yanka akwai matakai masu rahusa: a rage hatsin hoton kafin a sa Keylight, a ba Screen Pre-blur 0.5 zuwa 1 don tsanin ya kwanta, a juya View zuwa Intermediate Result don Keylight ya ba da alfa kawai ya bar launi yadda yake, sannan Key Cleaner da Advanced Spill Suppressor su biyo baya. Wannan jeri na Keylight da Key Cleaner da Advanced Spill Suppressor, Adobe da kansa ya haɗa shi a matsayin saiti guda, kuma yana rage tasowar hatsi a kan bidiyon da aka matse. Mai kyamarar da ke ɗaukar 4K kuma, ya ɗauka a haka ya cire kore a haka, sannan ya rage zuwa 1080, launinsa zai ishi kowane ɗigo.

Mafi yawan koren da ake kokawa da shi a kan kwamfuta kuwa, a ɗakin ɗauka aka haife shi, kuma dalilin da ya fi yawa shi ne ƙuncin wuri. Ɗaki mita huɗu, kyalle a bango, kyamara a bakin ƙofa, mutum ya tsaya taku ɗaya daga kyallen. Mita biyu ita ce mafi ƙarancin tazarar da zan yarda da ita, uku ta fi. Idan ɗakin bai ba da haka ba, a rage girman koren. Ana ɗaukar mutum daga ƙugu zuwa sama, amma an shimfiɗa kyallen har ƙasa yana taka shi, ga wani a dama da hagu da kyamara ba ta ma gani. Duk wannan fitila ce ake haska shi da ita a banza. A naɗe abin da bai shiga hoto ba, ko a rufe shi da baƙin yadi. Farin bango da farin silin da tayil mai sheƙi su ma suna karɓar koren su mayar da shi kan fuska ta gaba, baƙin yadi a gefe da ƙasa yana kashe wannan. Shi kansa kyallen, in za a yanko a Kantin Kwari, a nemi mara sheƙi mai kauri, a goge shi a ɗaure shi ya miƙe.

Sai zancen fitila, inda wata 'yar'uwar wancan ra'ayi take zaune, wai ƙara wa kyalle haske yana sauƙaƙa cirewa. Ba yawan haske manhaja take nema ba, tazarar kore da sauran launuka take nema, da daidaito daga gefe zuwa gefe. Kyallen da aka ƙona da fitila yana komawa fari-fari, jansa da shuɗinsa su hau, tazarar nan ta 120 ta ragu, naso kuma ya ninka. A kan Waveform, kyalle ya kwanta a layi siriri tsakanin 40 da 50 ya isa. Fitilar kyalle daban, ta mutum daban. Gwajin da ba ya cin ko sisi shi ne a kashe fitilun mutum a bar na kyalle kaɗai, a dubi allon kyamara. Duk inda aka ga kore a kafaɗa da kunne da suma, nan ne za a sha wahala gobe, kuma yanzu ne ake iya matsar da shi gaba ko rage fitila. Ƙaramar fitila daga sama ta baya tana taimakawa wajen danne naso a kan gashi, muddin ba ta yi ƙarfin da za ta zana farin zare a kansa ba, wanda zai tona asiri idan sabon bayan ba shi da hasken da zai haifar da shi. Hoda kaɗan a goshi, a kuma roƙi jarumi ya rage man gashi ranar. Mai rawa ko mai yawan juya kai, a ɗaga saurin shata daga 1/50 zuwa 1/100 don dishi-dishin motsi ya ragu. Kuma kafin kowa ya shiga, a ɗauki daƙiƙa biyar na kyallen shi kaɗai ba tare da an motsa kyamara ba. Delta Keyer yana karɓar wannan ta Clean Plate, ya auna kowane ɗigo da koren da ke bayansa na ainihi maimakon kore guda ga duk hoton, abin da ke ba ka damar barin Clip Black ko takwaransa a ƙasa ƙwarai.

Hukunci na ƙarshe kuma ba a yin sa a kan hoto tsayayye, ba a yin sa a kan baƙin baya. Baƙi yana ɓoye zaren duhu da gashin da aka yanke, fari yana ɓoye zaren haske. A ɗora mutumin a kan toka-toka matsakaici a duba, sannan a kan ainihin bayan da zai fita da shi, a girman kashi 100, a kunna ya yi tafiya. Gefen da aka matse da yawa yana ɓarɓarniya idan kai ya motsa, domin sili ɗaya yana tsallake iyakar Clip Black a wannan hoto ya faɗo ƙasa da ita a na gaba, ya bayyana ya ɓace sau da yawa a daƙiƙa guda. Idan ka ga haka a bakin suma, ka sauke Clip Black maki biyar ka sake kunnawa kafin ka taɓa wani abu.